Me ya sa katin girafik ke cika idan ana ƙara wa hoto girma, kuma me yanka hoton tayil-tayil ke gyarawa?

Masu studiyon hoto da masu buga fosta da bana sun saba da wata buƙata: abokin ciniki ya turo ƙaramin hoto ta WhatsApp, yana son a buga shi ya cika bango. Manhajojin ƙara girman hoto masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, irin su Real-ESRGAN da Upscayl da ComfyUI, suna iya wannan aiki, amma sau da yawa wasunsu kan tsaya a tsakiyar hanya su fitar da saƙo mai kama da wannan:

```
CUDA out of memory. Tried to allocate 3.66 GiB
```

Abin da ke ruɗa mutane shi ne lissafin bai yi kama da gaskiya ba. Fayil ɗin hoton bai kai megabayit ɗaya ba, katin kuma yana da gigabayit 4 ko ma 8. To ina memorin ta tafi? Amsar wannan tambaya ce ke bayyana dalilin da ya sa ake yanka hoto gunduwa-gunduwa kafin a ƙara masa girma, da abin da ake samu da wanda ake rasawa idan an yi hakan.

## Memori biyu ne a cikin kwamfuta, ba ɗaya ba

Akwai RAM, memorin da kwamfuta ke buɗe manhajoji a kanta. Akwai kuma VRAM, wadda aka manne a jikin katin girafik, kusa da injin lissafin katin. Ana iya ƙara RAM a yawancin kwamfutoci, amma ba a ƙara VRAM. Yadda aka sayi kati haka zai ƙare: GTX 1650 na da GB 4, RTX 4060 na da GB 8, RTX 3060 da aka fi sani na da GB 12, RTX 4090 kuma GB 24.

Dalilin ware wa kati memorinsa shi ne sauri. RTX 3060 mai GB 12 na iya karanta kusan gigabayit 360 a kowace daƙiƙa daga memorinsa. Hanyar da ta haɗa katin da sauran kwamfuta, wato PCIe 4.0 mai layi 16, ba ta wuce kusan gigabayit 32 a daƙiƙa. Ratar ta fi ninki goma. Saboda haka duk abin da katin zai yi lissafi a kai, ana son ya kasance a cikin VRAM kafin a fara.

Sai model, wato tarin lambobin da aka horar har suka koyi yadda gashi, fata, bulo ko ganye ke fitowa idan hoto ya yi girma. Wanda za a bi a wannan sharhi shi ne RealESRGAN_x4plus, na rukunin Real-ESRGAN da Xintao Wang da abokan aikinsa suka fitar a 2021. Yana ninka faɗi da tsawon hoto sau huɗu-huɗu. Yana da lambobi kusan miliyan 17, fayil ɗinsa kuma bai kai megabayit 70 ba. Ke nan shi ma ba shi ne ke cika katin ba.

## Inda memorin ke tafiya

A ɗauki hoto mai faɗin fiksel 1600 da tsawon 1200, kusan girman da WhatsApp ke rage hoto zuwa gare shi idan ba a zaɓi HD ba. Fiksel miliyan 1.92 ke nan. Ƙanƙantar fayil ɗin JPEG ba ta da tasiri a nan, domin da zarar an buɗe hoto sai a warware shi, kowane fiksel ya koma lambobi uku: ja, kore da shuɗi.

Model ɗin ba ya aiki da lambobi ukun nan kai tsaye. Matakinsa na farko shi ne ya mayar da su lambobi 64 ga kowane fiksel. Wato maimakon shafi uku na launi, yanzu akwai taswira 64 masu girman hoton, kowace tana riƙe da wani abu da model ɗin ya gano, kamar inda layi ya bi ko inda fuskar abu ta yi kaushi. Idan kowace lamba ta ci bayit biyu, kamar yadda Real-ESRGAN ke yi idan ba a canza masa saiti ba, taswirorin nan 64 za su ci kusan megabayit 246. Wannan bai kai abin damuwa ba. Mafi yawan lissafin model ɗin a wannan girma ake yinsa, kuma ko a inda yake haɗa taswirori har 192 wuri guda, buƙatar ba ta fi ƙarfin katin GB 4 ba.

Matsalar tana ƙarshen aiki. Model ɗin yakan ninka taswirorin sau biyu, ya yi lissafi, ya sake ninka su sau biyu, ya sake lissafi, sannan ya mayar da su launi uku. A lokacin ninkawar har yanzu 64 ne. Ninka faɗi sau huɗu da tsawo sau huɗu kuwa ninka fiksel ne sau 16, ba sau huɗu ba. Hoton ya koma 6400 da 4800:

```
6400 × 4800 × 64 × 2 = 3,932,160,000
```

Bayit biliyan 3.93 ke nan, wanda shi ne 3.66 GiB da ke cikin saƙon kuskuren can na sama, domin PyTorch, manhajar lissafin da Real-ESRGAN ke tafiya a kanta, na ƙirga gigabayit da 1024 ne maimakon 1000. Kuma wannan jeri ɗaya ne na taswirori. Kowane mataki na lissafi yana karanta jeri ɗaya yana rubuta wani sabo, don haka dole biyu su zauna a memori a lokaci guda, ga kuma jerin matakin baya mai kusan gigabayit ɗaya da ba a riga an sake shi ba. Jimilla ta doshi gigabayit 9. Katin GB 4 zai faɗi tun a jerin farko, na GB 8 zai faɗi a na biyu, na GB 12 ne ke da damar ƙetarewa.

Idan kuwa hoton waya ne cikakke mai fiksel miliyan 12, wato 4000 da 3000, sakamakon zai zama 16000 da 12000. Jeri ɗaya kawai zai ci gigabayit 24.6, biyu kuma kusan 49. Ko RTX 4090 ba zai ɗauke shi a dunƙule ba. Buƙatar memori tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da yawan fiksel ɗin sakamako, shi ya sa sayen babban kati ke matsar da iyakar gaba kawai, ba ya kawar da ita.

Akwai wani tarko a nan. Mutum yakan ce tunda ninki huɗu ya yi yawa, bari ya nemi ninki biyu da `--outscale 2`. A Real-ESRGAN wannan ba ya rage komai, domin model ɗin x4 zai yi ninki huɗunsa cikakke, sannan a rage sakamakon ta hanyar da aka saba rage hoto. Wanda ke son sauƙi na gaske sai ya sauya model zuwa RealESRGAN_x2plus, wanda manyan taswirorinsa ke tsayawa a ninki biyu, su ci kashi ɗaya cikin huɗu na memorin.

## Yadda yankan tayil ke aiki

Dabarar ita ce kada a ba model hoton gaba ɗaya. Manhaja takan raba shi zuwa ƙananan murabba'ai da ake kira tayil, ta tura ɗaya, a ƙara masa girma, a manna shi a gurbinsa a cikin babban hoton sakamako, a share taswirorinsa daga memori, sannan a tura na gaba. Da haka buƙatar memori ta daina bin girman hoto, ta koma bin girman tayil.

A hoton nan na 1600 da 1200, umarnin zai zama haka:

```
python inference_realesrgan.py -n RealESRGAN_x4plus -i hoto.jpg -o results --tile 400 --tile_pad 10
```

Tayil mai fiksel 400 ya raba hoton huɗu a kwance, uku a tsaye, tayil 12 ke nan, kuma za a ga ana ƙirga su a allo daga `Tile 1/12` har zuwa na ƙarshe. Wanda ke tsakiya, idan aka haɗa da ƙarin gefe na fiksel 10 ta kowane ɓangare, ya zama 420 da 420. Bayan ninkawa ya koma 1680 da 1680, jerin taswirorinsa kuma megabayit 361. Jeri biyu da ragowar matakin baya ba su cika gigabayit ɗaya ba. Aikin da ya nemi kusan gigabayit 9 yanzu ya shiga katin GB 4 har da sarari.

Ana iya riƙe ƙa'ida guda daga wannan lissafi: idan aka raba girman tayil biyu, buƙatar memori takan ragu zuwa kusan rubu'i. Tayil 512 da gefensa na cin kusan megabayit 580 a jeri ɗaya, tayil 256 kusan 156, tayil 128 kusan 45. Shi ya sa idan aiki ya faɗi, rage tayil daga 512 zuwa 256 yakan wadatar, ba sai an gangara zuwa 64 ba.

Manhajoji sun bambanta wajen abin da suke yi da kansu. Real-ESRGAN na Python ba ya yanka tayil sai an umarce shi, domin `--tile` na farawa ne da 0. Ɗan'uwansa realesrgan-ncnn-vulkan, wanda irin injinsa ne Upscayl ke tafiya a kai, yakan duba memorin katin ya zaɓi girman tayil da kansa, kuma yana aiki da katunan AMD da Intel, ba NVIDIA kaɗai ba. Ana iya tilasta masa girma da `-t`. A ComfyUI kuwa, akwatin `Upscale Image (using Model)` yakan fara da tayil 512, idan memori ta ƙare ya raba shi biyu ya sake gwadawa, sai ya gangara ƙasa da 128 ya haƙura. Wannan bambanci ne ya sa wani zai ce hoto ya wuce masa lafiya a Upscayl, wani mai katin da ya fi nasa ƙarfi ya ce nasa ya faɗi a Real-ESRGAN. Duk su biyun gaskiya suka faɗa.

## Matsalar bakin tayil

Model ba ya yanke hukunci a kan fiksel shi kaɗai. Kowane mataki na lissafi yana duba fiksel da maƙwabtansa takwas, mataki na gaba ya duba maƙwabtan maƙwabta, a haka abin da yake hange ke faɗaɗa. Tsakiyar RealESRGAN_x4plus na da rukuni 23, kowane da ƙananan rukuni uku, kowane ƙarami da mataki biyar, jimilla 345. A ka'ida ke nan, abin da ke nesa da fiksel fiye da 300 na iya taɓa sakamakon wuri guda. A aikace tasirin na kusa ne ya fi nauyi ƙwarai, na nesa kuma yana dusashewa da sauri.

Fiksel ɗin da ya faɗo a bakin tayil ya rasa maƙwabtansa na ɗaya ɓangaren. Model zai cike gurbinsu da sifili, ya yi hasashe da rabin bayani. Tayil ɗin da ke kusa da shi shi ma zai yi nasa hasashen da ɗaya rabin, kuma babu tabbacin hasashen biyu za su dace. Kamar masu ɗinkin babbar riga biyu ne da aka raba wa aiki, kowa ya yi zanen rabinsa bai ga na ɗan'uwansa ba: ko da duk gwanaye ne, za a gane inda aka haɗa.

Hanyoyi biyu aka fi bi wajen ɓoye mahaɗar. Ta farko ita ce ƙarin gefe: a yanki tayil ɗin da ɗan rara daga maƙwabtansa, a ƙara masa girma, sannan a datse rarar a yar, a manna tsakiyar kawai. Wannan ce hanyar Real-ESRGAN, kuma aikin `--tile_pad` ke nan, wanda ke farawa da 10. Ta biyu ita ce a bar tayil-tayil su hau kan juna, sannan a gauraya wurin da suka haɗu a hankali, ɗaya na dusashewa ɗayan na bayyana. ComfyUI na yin haka da fiksel 32.

Kowace da inda take gazawa. A hanyar datsewa, idan gefen ya isa, sakamakon na kusa ƙwarai da na hoton da ba a yanka ba, amma idan bai isa ba za a ga layi siriri a miƙe. A hanyar gaurayawa da wuya a ga layi, sai dai idan tayil biyu sun zana abu daban a wurin, misali silin gashi ko saƙar yadi, wurin yakan ɗan dushe, ya rasa kaifi.

Gane matsalar ba shi da wuya idan an san inda za a duba. Ba a duba fuska ko wuri mai tarkace, domin suna ɓoye mahaɗa. Sararin sama, bango mai launi ɗaya, farar shadda ko inuwa mai duhu su ke tona ta. Kuma layin na da adireshi: da tayil 400 da ninki huɗu, mahaɗa za ta faɗo ne a fiksel na 1600, 3200 da 4800 a kwance. Idan aibin da aka gani yana kan waɗannan lambobi, tayil ne. Idan kuwa ƙananan murabba'ai ne birjik ko'ina, wannan ragowar matsin JPEG ne na asalin hoton da model ya ƙara fito da shi, kuma canza girman tayil ba zai taɓa shi ba. A kan allon waya duk wannan ba ya fitowa. Sai an buga bana mai mita biyu ake ganinsa, bayan an kashe tawada da leda.

Wata alamar ita ce tayil guda ya fi maƙwabcinsa haske ko santsi gaba ɗayansa. Wannan ya fi faruwa da model-model masu ɗaukar matsakaicin duk abin da aka ba su kafin su yanke shawara. A wurinsu kowane tayil hoto ne mai zaman kansa, don haka tayil mai cike da sama da wanda rabinsa bishiya ne za su sami kulawa daban. Ƙara gefe kaɗan ba ya warkar da wannan, sai dai a ƙara girman tayil ɗin kansa.

## Farashin ƙaramin tayil

Gefen da ake datsewa an yi masa lissafi kafin a yar da shi, kuma wannan aikin banza yana ƙaruwa yayin da tayil ke ƙanƙancewa. Da gefe 10, tayil 512 na ƙara aiki da kusan kashi 8 cikin 100, tayil 256 kashi 16, tayil 128 kashi 34, tayil 64 kuma kashi 72. Yawan mahaɗa ma haka. Hoton 4000 da 3000 zai rabu 48 da tayil 512, amma 768 da tayil 128. Ga shi kuma ƙaramin tayil ba ya cika injin babban kati da aiki, wani sashensa na zaune.

Wanda ya ga layi ya ɗaga gefe zuwa 32 ya yi daidai, matuƙar tayil ɗin babba ne. Gefe 32 a kan tayil 512 ƙarin kusan kashi 27 cikin 100 ne, amma a kan tayil 128 aikin ya ninka fiye da sau biyu. Lissafin duka yana nuni ne ga abu guda: tayil mafi girma da katin zai iya ɗauka, tare da barin ɗan sarari, shi ya fi dacewa.

## Abin da tayil ba ya magancewa

Babban hoton da ake manna tayil-tayil a kansa dole ya zauna a wani wuri. A Real-ESRGAN na Python, a cikin VRAM yake zaune. Ga hoton WhatsApp ɗin nan megabayit 184 ne kawai. Ga sakamako mai 16000 da 12000 kuwa gigabayit 1.15 ne, kuma a ƙarshen aiki ana mayar da shi lambobi masu bayit huɗu tun yana kan katin, wanda ke neman ƙarin gigabayit 2.3. Saboda haka katin GB 4 na iya gama duk tayil ɗinsa lafiya ya faɗi a matakin ƙarshe. Idan kuskuren ya zo bayan tayil na ƙarshe, rage `--tile` ba zai yi amfani ba. Mafita ita ce a rage hoton kafin a fara, ko a raba shi biyu da hannu, ko a koma manhajar da ke haɗa sakamakon a RAM.

Akwai kuma memorin da wasu suka riga suka ci. Windows kanta, burauza mai shafuka da yawa, Photoshop ko CorelDRAW a buɗe, duk suna riƙe da rabonsu na VRAM. Umarnin `nvidia-smi` na nuna abin da aka ci da wanda ya rage. A Task Manager kuma layin `Dedicated GPU memory` ne ainihin memorin katin. `Shared GPU memory` da ke kusa da shi aron RAM ne, yawanci har rabinta, kuma masu sayar da kwamfuta a wasu lokuta sukan haɗa lambobin biyu su kira jimillar da ƙarfin katin.

Zaɓin `--fp32` na sa kowace lamba ta ci bayit huɗu maimakon biyu, wato duk lissafin da aka yi a sama ya ninka. Ana buƙatarsa idan sakamako ya fito baƙi ƙirin, matsalar da aka sani da wasu katunan GTX 16 idan suna aiki da bayit biyu. Wanda ya kunna shi sai ya rage tayil don ya rama.

## Faɗuwa ko tafiyar hawainiya

A 2023 NVIDIA ta canza halin direbanta na Windows. Daga direba 536.40, idan VRAM ta cika, maimakon aiki ya faɗi sai ya malala zuwa RAM. Daga 546.01 kuma aka ƙara saitin `CUDA - Sysmem Fallback Policy` a NVIDIA Control Panel, inda mutum zai iya hana malalar da `Prefer No Sysmem Fallback`.

Ra'ayi ya rabu a kan wannan. Masu goyon baya na cewa aikin da ya wuce iyaka da ɗan kaɗan gara ya gama a hankali da ya faɗi bayan an jira. Masu suka na cewa duk abin da ya malala dole ya riƙa bin hanyar PCIe mai jinkiri, aikin minti ɗaya ya koma na mintuna masu yawa, ba tare da wani saƙo da zai gaya wa mutum dalili ba. Suna kuma da wata hujja ta fasaha: manhajar da ke rage tayil da kanta, kamar ComfyUI, tana jiran saƙon kuskure ne kafin ta rage. Idan direba ya hana kuskuren fitowa, tana iya ci gaba da babban tayil a cikin jinkiri. Alamar malala ita ce `Dedicated GPU memory` ya cika maƙil, `Shared GPU memory` na hawa, aiki kuma ya yi sanyi. Ga aikin da ake iya yankawa tayil-tayil, hujjar masu suka ta fi ƙarfi. Ga wanda ba ya yankuwa, malalar ce kaɗai hanyar gamawa.

## Idan model ɗin mai ƙirƙirar hoto ne

Duk bayanin baya ya shafi model irin ESRGAN, wanda ke bin hoton da aka ba shi sau da ƙafa. Akwai wata hanyar da ke amfani da Stable Diffusion, model mai zana hoto daga bayanin da aka rubuta masa, ta kayan aiki irin su Ultimate SD Upscale, inda ake sake zana kowane tayil. A nan yankan tayil ba don memori kaɗai ba ne. An horar da Stable Diffusion 1.5 a kan hotuna masu fiksel 512, SDXL kuma 1024, kuma idan aka ba su fili da ya fi haka nesa sukan maimaita abubuwa.

Haɗarin ma ya fi girma. Bayanin da aka rubuta yana zuwa ga kowane tayil ne daban. Idan an rubuta cewa hoton mace ce sanye da lafaya, tayil ɗin da babu komai a cikinsa sai bango shi ma zai karɓi wannan umarni, kuma idan `denoising strength`, wato yawan sauyin da aka yarje wa model ya yi, ya yi sama, fuska na iya tsirowa a bangon. Masu wannan aiki sukan riƙe shi ƙasa-ƙasa, wajen 0.2 zuwa 0.35, su rubuta bayani na gama-gari, ko su haɗa da ControlNet Tile don ya riƙe kowane tayil kusa da asali. Ga hoton mutum na gaske, musamman na mamaci da iyalinsa ke son a buga, wannan hanya na iya sauya kamanni, kuma dangi ne za su fara ganewa.

## Abin da wannan ke nufi ga mai ƙaramin shago

Masu cewa a sayi babban kati suna da hujja: babban tayil, ƙarancin mahaɗa, aiki da sauri, musamman ga mai hotuna ɗaruruwa ko bidiyo. Amma lissafin hoton fiksel miliyan 12 ya nuna cewa shi ma mai GB 24 zai yanka tayil. Ga mai hoto biyar ko goma a rana, katin GB 4 ko 6 da tayil 256 zuwa 400 zai fitar da sakamakon da da wuya a bambanta shi da na babban kati. Abin da zai biya shi ne lokaci, wanda ga mai aiki da janareto ko batirin laftof kuɗi ne. Laftof mai girafik ɗin Intel na cikin gida ba shi da VRAM tasa, RAM yake ara, kuma Upscayl na aiki a kan wasunsu da ƙaramin tayil, sai dai a hankali. Akwai kuma Google Colab, inda ake aron kwamfuta ta intanet, wanda kan ba da katin T4 mai GB 16 kyauta na ɗan lokaci idan akwai sarari, amma sai an loda hoto an sauke sakamako mai nauyi da data.

Kafin duk wannan akwai tambayar ko ana ma buƙatar ninki huɗu. Hoton da za a riƙe a hannu ana buga shi da ɗigo 300 a kowane inci, amma banar da za a kalla daga ƙetaren titi ba ta buƙatar ko rabin haka. Hoton waya mai faɗin fiksel 4000, idan aka buga shi a faɗin mita ɗaya, yana ba da ɗigo kusan 100 a inci ba tare da an taɓa shi ba. Ninki biyu da x2plus zai kai shi 200. Hoton WhatsApp mai 1600 ne ke buƙatar ninki huɗu, wanda zai ba da ɗigo kusan 80 a inci a kan bana mai mita biyu. Sau da yawa ma abokin ciniki na da asalin hoton a wayarsa, kuma idan ya turo shi a matsayin `Document`, WhatsApp ba ya rage shi.

Wajen ajiye sakamako, WebP ba ya karɓar hoton da ya wuce fiksel 16,383 a kowane gefe, JPEG kuma yana kaiwa wajen 65,500. Hoton 16000 da 12000 da aka buɗe yana cin megabayit 576 na RAM kafin a ɗora masa rubutu ko wani shafi a manhajar zane.